Ƙwayar barci ta tebur a Tawa: haɗarin da ke cikinta da iyakar abin da mai farmasi ke iya ganowa

Duk lokacin da ƴan sandan OCRTIS, ofishin da ke yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi a Nijar, ko ma'aikatan duwan suka baje kayan da suka kama, akan ji sunan diyazefam tare da tiramol da egzol. Abin yakan rikita mutane, kuma da dalili. Diyazefam ɗin nan shi ne lokotoro ke rubuta wa mai fama da matsananciyar fargaba, allurarsa ce ake yi wa yaron da jijjiga ta kama a asibiti. To magani ne ko ƙwaya? In kuma magani ne, mene ne bambancin wanda ke farmasi da wanda mai tire ke ƙirga wa mutum a tafin hannu a bakin tasha?

Bambancin ba a sunan yake ba. Na farmasi ana iya bin sawunsa tun daga masana'anta har hannun mai saye. Na tebur kuwa sunan kaɗai gare shi, sunan ma mai talla ne ya faɗa.

## Kalmomi huɗu da ake cakuɗawa

A kasuwa komai "jabu" ne, amma masu aikin magani sukan rarrabe. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da rukuni uku. Na farko shi ne jabu na ainihi, wanda aka yi ƙarya da gangan a kan abin da ke cikinsa, ko sunansa, ko wanda ya yi shi. Na biyu shi ne marar inganci: kamfanin gaskiya ne ya yi shi da izini, amma bai cika ma'auni ba, ko dai tun daga masana'anta ko kuma ya lalace a hanya. Na uku shi ne marar rajista, wato maganin da hukumar ƙasar da ake sayar da shi ba ta duba shi ta ba shi izinin shiga kasuwa ba, ko da yana da izini a wata ƙasa.

Akwai na huɗu da ba ya cikin wannan jeri amma shi ya fi yawa a titi, wato ƙwaya tsirara. An ɓare ta daga katinta, ko an kwaso ta daga babban gwangwani mai dubu, an ƙulla a leda ko a takardar siminti. Tana iya kasancewa kowanne daga cikin ukun can, tana ma iya kasancewa maganin gaskiya da aka karkatar. Matsalarta ita ce duk abin da za a yi amfani da shi a tantance ta an riga an yar da shi.

Ita ma kalmar "ƙwayar barci" laima ce. A ƙarƙashinta akwai dangin diyazefam, irin su buromazefam da kulonazefam. Akwai fenobarbital na masu farfaɗiya. Akwai magungunan ƙaiƙayi da mura masu sa gyangyaɗi, irin su kulorfeniramin da furometazin. Tiramol ba na barci ba ne, na ciwo ne daga dangin ofiyom, amma a tire ɗaya ake samun su kuma sau da yawa ciki ɗaya suke haɗuwa. Wannan sharhi zai bi ƙwaya guda, ƴar rawayar nan da ake kira D5, wadda ake cewa diyazefam ce mai miligiram 5.

## Yadda take isowa

Tawa na da nisan kilomita ɗari da ƴan kai daga Ƙonni, Ƙonni kuma na kallon Illela. Iyaka ce doguwa, mai hanyoyin babur da yawa, ƙwaya dubu kuwa ba ta cika aljihun riga ba. Wannan ɓangaren kowa ya san shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɓangaren mai saye. Diyazefam na cikin jerin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa ido, don haka farmasi ba ta bayar da shi sai da odonansi, ta kuma rubuta a littafin rajista. Mai son sa ta hanyar doka sai ya biya kuɗin ganin lokotoro, ya yi layi, ya sayi kati sukutum. Mai tebur ba ya tambayar takarda, yana sayar da ƙwaya ɗaya ko biyu, yana ba da bashi, yana nan har tsakar dare. A ƙauyukan Adar da yawa ma babu farmasi sam, ranar kasuwa ce ke kawo magani.

Ana yawan ambatar ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017, cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Alƙalamin na duk magunguna ne a ƙasashe da yawa, ba ma'aunin tiren bakin tasha ba ne, bai kuma kamata a ɗauke shi a matsayin "tara cikin goma lafiya lau" ba.

## Hanyoyin da take cutarwa

Ana iya samun ƙwayar babu komai a cikinta sai garin sitaci da launi. Mutane sukan ɗauka wannan ce mafi sauƙi, asarar kuɗi kawai. Ba haka ba ne ga wanda jikinsa ya saba. Wanda ya yi watanni yana shan diyazefam kullum, in ya faɗa kan ƙullin da babu magani a ciki, ya daina sha ke nan kwatsam ba tare da ya sani ba. Da yake diyazefam na daɗewa a jiki, alamun ba sa zuwa a ranar, sai bayan kwana biyu har zuwa mako: rashin barci, karkarwa, zufa, firgita, wani lokaci jijjiga. Mai farfaɗiya da ya sayi fenobarbital na bogi ya fi shiga haɗari, domin faɗuwar na iya dawowa ta jera ba ƙaƙƙautawa. Akwai kuma tarko na biyu. Wanda ya ga ƙwaya ɗaya ba ta yi masa komai ba sai ya mai da ita uku, ranar da ya samu ƙulli mai cikakken ƙarfi kuma ukun zai sha.

Ana iya samun maganin a ciki amma ba daidai ba. A ƙwayar da nauyinta ya kai miligiram 160, diyazefam ɗin miligiram 5 ne kacal, kusan kashi uku cikin ɗari. Sauran duk gari ne na riƙe ta. Cakuɗa ɗan wannan adadi ya bazu daidai cikin buhun gari aiki ne na injin kirki da gwaji. In an yi shi a gurguje, wata ƙwayar ta fito fanko, ƴar'uwarta ta ɗauke rabon uku.

Mafi muni shi ne a samu wani magani dabam, kuma wannan ya taɓa faruwa a fili. Daga Disamba 2014 zuwa cikin 2015, a yankin Ituri na arewa maso gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, an yi ta kawo mutane asibiti wuyansu ya sandare ya karkace, harshe ya fito, idanu sun juye sama. Da farko an zaci sankarau ne. Fiye da mutum dubu aka kwantar, cikinsu har da yara da yawa. Da aka auna fitsarinsu da ƙwayoyin da suka sha, sai aka gano abin da ake sayarwa da sunan diyazefam halofiridol ne, maganin taɓin hankali mai ƙarfi, tsakanin miligiram 10 zuwa 20 a kowace ƙwaya. Don a gane girman wannan adadi, tsoho akan fara masa da rabin miligiram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwar gargaɗi a kai a 2015. Labarin na Kongo ne, amma darasinsa ya shafi yankin da sankarau ke zuwa da bazara: sandarewar wuya bayan shan ƙwayar tebur na iya ɓatar da lokotoro in ba a gaya masa an sha ƙwaya ba.

A ƙarshe akwai ƙwayar gaskiya a jikin da bai dace ba. Diyazefam shi kaɗai ba kasafai yake kashe babba mai lafiya ba. Haɗa shi da tiramol, ko ruwan tari mai kodin, ko giya, shi ke danne numfashi. Tiramol ɗin titi kuwa yakan zo da miligiram 225 ko 250 a rubuce, alhali na asibiti 50 ne ko 100, kuma iyakar yini duka 400 ce. Daɗewar diyazefam a jiki wata matsala ce: rabinsa na ɗaukar awa 20 zuwa 50 kafin ya fita, abin da hanta ke mayar da shi kuma na iya kai awa 100. Ɗan kabu-kabun da ya sha da dare yana kan babur da shi washegari, in kuma kullum yake sha taruwa yake yi. Ga tsoho, sakamakon jiri ne da faɗuwa da ruɗewa, har a ce tsufa ne ya taɓa shi.

## Misali: ƙulli ɗaya a kan kantar farmasi

A ɗauka wata uwa ta shigo farmasi a Tawa da ƙullin leda da ta samu a aljihun ɗanta mai shekara 19. Ƙwayoyi 23 ne, ƙanana, rawaya, da tsaga a tsakiya, tare da guntun kati da ya rage ƙwaya biyu a jiki. Ta ce, "Lokotoro, don Allah duba mini wannan, mene ne yaron nan ke sha?"

Mai farmasin da ya san aikinsa ba da ƙwayar zai fara ba. Zai ce, "Hajiya, yanzu yana ina? In an tashe shi yana tashi? Yaya numfashinsa?" In amsar ita ce yana kwance yana wani irin minshari kuma ba ya amsawa, an bar maganar ƙwaya ke nan, sai asibiti. In yaron na tafe da ƙafarsa, tambayoyin da ke biye su ne tun yaushe yake sha, guda nawa a yini, da me yake haɗawa, a ina ya saya. Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce gwaji mafi ƙarfi da ke hannunsa. Farmasi mai lasisi na sayen kaya daga ONPPC, ofishin gwamnati mai sayowa da rarraba magunguna, ko dillalan da gwamnati ta amince da su, da takardar saye mai lambar rukuni. Abin da bai biyo ta nan ba, ba shi da mai tsaya masa.

Sai guntun katin. A bayan katin gaskiya ana samun sunan sinadarin, da ƙarfinsa, da sunan kamfani, da lambar rukunin da aka yi shi a ciki, wadda ake rubutawa bayan LOT, da ranar ƙarewar aiki bayan EXP. Da kwalin na nan, zai gwada lambar kwali da ta kati, domin dole su zama ɗaya. Zai duba cikakken adireshin masana'anta, da takardar bayani ta ciki, da rubutun ko akwai harafin da ya faɗi ko tawadar da ke gogewa da yatsa. Zai ɗauko katin da ke cikin kabad ɗinsa ya ajiye su gefe da gefe ƙarƙashin haske, ya dubi kaurin takardar azurfar da yadda aka manne ta. Zai kuma duba ko maganin na cikin waɗanda ke da izinin shiga kasuwar Nijar, abin da ake kira AMM. A nan mutane kan ruɗu da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya. Lambar, in ta gaskiya ce, tana nuna rajista a Najeriya ne, ba a Nijar ba, kuma buga lamba a kwali bai fi buga suna wuya ba.

A misalinmu, a ce katin na ɗauke da suna da miligiram 5, amma gefen da lambar rukuni take an yanke shi da almakashi. Wannan kaɗai ya rufe hanyar tambayar kamfanin. Babu kuma abin da ya tabbatar da cewa ƙwayoyi 23 na cikin ledar daga irin wannan katin suka fito.

Daga nan sai ƙwayoyin kansu. Zai zube su a kan farar takarda ya dubi launi: ɗaya ne ko wasu sun fi wasu duhu, akwai ɗigo-ɗigo, gefe ya farfashe, gari ya taru a gindin ledar? Zai dubi tambarin da aka danna a jiki, ko zurfinsa ɗaya ne a duka. Ƙwayar da ta kumbura ko ta yi laushi ta sha danshi. Akasarin magunguna ana so a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, tiren da ya yini a ranar Afrilu a Tawa kuwa ya haura 40.

In yana da sikelin da ke auna miligiram, wanda ba kowace farmasi ke da shi ba, akwai gwajin nauyi da littattafan ƙa'idar magunguna suka tsara. Ana auna ƙwaya 20 ɗaya bayan ɗaya a fitar da matsakaici. Ga ƙwayar da nauyinta ke tsakanin miligiram 80 da 250, an yarda da saɓanin kashi 7.5 cikin ɗari. In matsakaicin ya fito 160, saɓanin miligiram 12 ke nan, wato daga 148 zuwa 172. Ba a yarda fiye da biyu su fita wannan da'ira ba, kuma ko ɗaya ba a yarda ta yi ninkin saɓanin ba, wato ta gaza 136 ko ta haura 184. A ce ya samu huɗu a waje, ɗaya ma 131. Ƙullin ya faɗi.

Saura uku da bai auna ba. Zai iya jefa su a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37, ya duba agogo. Ƙwayar da ba a lulluɓe ta da komai ba ya kamata ta wargaje cikin minti 15 a injin gwaji, a gwajin hannu kuma akan ba ta har minti 30. Wadda ta zauna kamar tsakuwa bayan rabin awa an danne ta fiye da kima ko an yi ta da abin da bai dace ba. Cikakken gwajin na son ƙwaya shida, don haka uku ishara ce kawai.

## Inda idonsa ya tsaya

A juya misalin. A ce duka ashirin sun faɗa tsakanin 148 da 172, launi ɗaya, sun wargaje cikin minti biyar. Me aka tabbatar? An tabbatar cewa wanda ya yi su yana da injin dannawa mai kyau. Tunda maganin kashi uku ne cikin ɗari na nauyin, ƙwayar da babu diyazefam ko ɗigo a cikinta za ta ci gwajin sikeli ba tare da wata matsala ba. Wadda aka zuba wa halofiridol ma haka. Launi kuwa al'ada ce ta kamfanoni, ba doka ba. An saba ganin mai miligiram 5 rawaya, mai 10 shuɗiya, amma kulorfeniramin mai miligiram 4 ma ƴar ƙaramar rawaya ce, haka folik asid da ake ba masu ciki. In an ɓare su aka zuba a leda ɗaya, ko gwani sai ya yi da gaske.

Wannan shi ne ginshiƙin maganar: mai farmasi na iya kayar da ƙwaya da ido da sikeli, amma ba zai iya wanke ta da su ba. Amsar gaskiya da zai ba wannan uwa ita ce, "Hajiya, ta yi kama da diyazefam, amma kama kawai zan iya ce miki. Abin da ke cikinta sai an auna." In ya ce mata "mai kyau ce" ya faɗi abin da bai sani ba. Ɗanɗanawa da harshe ko ba wani ya gwada ba gwaji ba ne, shan ƙwayar ne.

Sanin abin da ke ciki aikin ɗakin gwaji ne. Akwai gwaji mai sauƙi da ake narka ƙwayar a ɗiga a kan faranti na musamman kusa da ɗigon maganin asali, a ga ko sun yi tafiya ɗaya sun bar tabo iri ɗaya. Yana nuna ko sinadarin na nan da kusan yawansa. Auna adadi daidai kuma sai da injin HPLC, inda yawanci ake son abin da aka samu ya faɗa tsakanin kashi 90 da 110 cikin ɗari na abin da aka rubuta. A Nijar wannan aikin LANSPEX ne, ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa da ke Yamai, fiye da kilomita 500 daga Tawa. Ba wurin da ake samun amsa kafin la'asar ba ne. Ko can ma, gwajin na neman abin da aka ce ya nema ne. In aka tambaya ko akwai diyazefam, amsar "babu" ba ta faɗi abin da ke akwai ba, sai an sake bincike mai faɗi. A Turai an sha samun ƙwayoyin diyazefam na jabu ɗauke da wasu sababbin danginsa mafiya ƙarfi, irin su etizolam da buromazolam, waɗanda ƙaramin gwaji kan iya tsallakewa.

Abin da ya rage a hannun mai farmasi shi ne ya karɓi ƙullin in an yarda, ya rufe shi ya rubuta rana da inda aka saya da abin da ya faru da wanda ya sha, ya ɗauki hoton katin gaba da baya, ya sanar da hukumar kula da magunguna ta hannun ofishin lafiya na jihar. Rahoto ɗaya ba ya nuna komai, amma biyar masu alamu iri ɗaya daga unguwa ɗaya su ne ke tayar da bincike. Ga yaron kuma, shawara mafi muhimmanci ta saɓa wa abin da uwar ke tsammani: in ya daɗe yana sha kullum, kada a ƙwace a hana shi dare ɗaya. Lokotoro ne zai mayar da shi kan maganin da aka san ƙarfinsa, ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, misalin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk mako ɗaya ko biyu, abin da kan ɗauki watanni.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu goyon bayan tsananta doka na cewa sayar da magani a wajen farmasi haramun ne tun dokar harhaɗa magunguna ta 1997, kuma Nijar na cikin ƙasashe bakwai na shirin Lome na Janairu 2020 da suka ɗauki alkawarin hukunta fataucin jabun magani. A ganinsu abin da ya rage aiwatarwa ne, kuma muddin tire na yawo, wa'azi ba zai yi tasiri ba. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce ƙwayar barci ba farasitamol ba ce, tana sa sabo, don haka mai talla na ƙirƙirar abokan cinikinsa ne.

Wasu ma'aikatan lafiya ba su musa wannan ba, amma suna nuna cewa kame na cire mai sayarwa ne ya bar mai buƙata. Mai farfaɗiyar da asibitin ƙauyensu ya yanke da fenobarbital, da wanda jikinsa ya riga ya saba, duka za su nemi wani tiren, kuma ƙarancin kaya na buɗe wa jabu ƙofa. Su sun fi ba da ƙarfi ga wadata ƙananan asibitoci da magani mai arha da samar da wurin rage wa masu sabo.

Tsakanin masu farmasi ma akwai saɓani a kan ko ya dace a duba ƙwayar titi tun farko. Wasu na ganin duk wanda ya duba ya ce "ban ga aibu ba" ya buga wa mai tebur hatimi, wani kuma na tsoron a tarar da kayan a kantarsa. Wasu na ganin wanda aka kora da ƙullinsa ba zai sake dawowa ba, kuma wannan mintin biyar ne kaɗai damar jin me yake haɗawa da ita. Ɓangarorin biyu sun haɗu a abu ɗaya, cewa ba a mayar wa mutum ƙwaya tsirara da kalmar "sha".

## Abin da wannan ke nufi a gida

Ga mai odonansi, abin lura kaɗan ne. Ya karɓi magani a katinsa, in an yanka masa rabi ya nemi ɓangaren da ke da lambar rukuni da ranar ƙarewa, ko a rubuta masa su a jikin leda. In maganin da ya saba ya canza launi ko girma, ko ya ji aikinsa ya bambanta, ya koma da shi kafin ya ci gaba. Sau da yawa kamfani ne kawai aka canza, kuma mai farmasi na iya tabbatar da haka daga takardun sayensa cikin minti kaɗan, abin da mai tebur ba zai iya ba. Mai farfaɗiya ya koma karɓar sabo tun saura na mako guda, don kada yankewa ta tura shi kasuwa.

In kuwa an riga an sha, alamun gaggawa su ne mutum ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashi ya ragu ƙasa da sau goma a minti ko yana yankewa, leɓe da farce sun yi duhu, jijjiga, ko wuya da muƙamuƙi sun murɗe. A ƙirga numfashin da agogon waya minti guda cur. A kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri don ya yi amai, domin mai magagi na shaƙe abin zuwa huhu. Kada kuma a bar shi "ya yi barcinsa ya warware". A kai shi asibiti tare da ragowar ƙwayar da ledarta da duk wani abin da ya sha, a faɗi gaskiyar lokaci da adadi. Lokotoro na buƙatar wannan domin maganin karya dafin ba ɗaya ba ne: nalokson na tayar da wanda tiramol ko kodin ya danne amma ba ya taɓa diyazefam, murɗewar wuya irin ta halofiridol na da nata maganin dabam, allurar da ke karya diyazefam kuma na iya jawo jijjiga ga wanda ya saba da shi ko ya haɗa da tiramol, shi ya sa ba a yin ta sai an san abin da mutum ya haɗiya.